Yadda Ake Shawo Kan Kamfani Ya Biya Wa Ma'aikaci Kuɗin Shaidar Ƙwarewa

Yawancin takardun da ma'aikata ke kai wa manajoji don neman a biya musu kuɗin kwas, da kuka suke farawa. Mai takarda zai ce rayuwa ta yi tsada, albashi ba ya kaiwa ƙarshen wata, ga shi kuma yana son ƙaro ilimi domin ya ci gaba. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, sai dai manajan da ya karanta zai ɗauki takardar a matsayin neman taimako, ya haɗa ta da ta mai neman rancen kuɗin haya da ta mai neman gudummawar biki. Amsar irin waɗannan takardu kuwa sananniya ce: a yi haƙuri sai kasuwa ta gyaru.

Kamfani ba ya sayen satifiket don ya faranta wa ma'aikaci rai. Yana fitar da kuɗi ne idan ya ga za su toshe masa wata kafa da yake asara ta cikinta, ko su buɗe masa ƙofar cinikin da ke rufe. Saboda haka takardar da ke cin nasara ita ce wadda ta amsa tambayoyi huɗu da ke ran duk mai sa hannu a fitar da kuɗi: wace matsala za a magance, nawa za a kashe gaba ɗaya, yaushe kuɗin za su dawo, kuma me zai faru idan ma'aikacin ya karɓi shaidarsa ya kama gabansa. A kan waɗannan huɗun ake gina komai.

Domin bayanin ya zauna, za mu bi misali guda daga farko har ƙarshe. A ce akwai masana'antar buhu a Sharaɗa ta Kano mai ma'aikata 120, kuma a cikinsu akwai matashin da aka ɗora wa kula da kariyar ma'aikata daga haɗari. Yana son samun shaidar NEBOSH ta ƙasa da ƙasa, wadda ake taƙaitawa da IGC. Masana'antar da alƙaluman kuɗinta duk na misali ne don a ga yadda lissafin ke tafiya. Mai rubuta tasa takardar sai ya sa nasa na gaskiya.

Fara da sanin abin da kake son a saya

Kafin a ɗauki biro, sai an tantance shaidar kanta, domin tambayar farko da sashen kula da ma'aikata zai yi ita ce: wa ke ba da ita, kuma wa ya yarda da ita? Akwai bambanci babba tsakanin takardar halartar kwas da shaidar ƙwarewa. Ta farko kowa na samunta muddin ya zauna a aji kwana uku ya sa hannu a rajista. Ta biyu sai an ci jarrabawar da wata hukuma mai zaman kanta ta shirya, kuma ana iya bincikawa a tabbatar da ita. Manajoji da yawa sun taɓa biyan kuɗin ta farkon ba su ga abin da ta tsinana ba, shi ya sa suke ɗari-ɗari da kowace irin takarda.

NEBOSH hukumar jarrabawa ce ta Birtaniya da aka kafa a 1979, mazauninta na birnin Leicester, kuma fanninta shi ne lafiya da kariyar ma'aikata a wurin aiki. Ba ita ke koyarwa da kanta ba. Cibiyoyin da ta amince da su ne ke koyarwa, su yi wa ɗalibi rajistar jarrabawa. Don haka matakin farko shi ne a duba sunan cibiyar a jerin da hukumar ke wallafawa a shafinta. Idan sunan babu, komai arhar kuɗinsu a bar su. Karatun a aji yakan ɗauki kimanin mako biyu, ban da bitar da ɗalibi zai yi shi kaɗai. Jarrabawar kashi biyu ce. Akwai ta rubutu, wadda ake yi ta intanet da izinin duba littafi, a ba ka labarin wani wurin aiki ka warware matsalolinsa, sannan a yi maka 'yar gajeriyar hira don a tabbatar kai ka yi aikin. Akwai kuma ta aikace, inda ɗalibi zai zaga wurin aiki na gaske, ya gano haɗurran da ke ciki, ya rubuta matakan da za a ɗauka da wanda ya kamata a fara da shi.

Wannan kashi na biyu shi ne abin da matashinmu zai riƙe da kyau, domin a masana'antarsu zai yi shi. Ke nan tun kafin sakamako ya fito, kamfani zai samu rubutaccen rahoton haɗurran da ke ɗakin injina, da sito, da wurin lodi. Duk shaidar da mutum yake nema, ya binciko irin wannan abin da kamfani zai taɓa da hannunsa, ya sa shi a sahun gaba.

Sai kuma a san iyakar shaidar, a faɗe ta ba ɓoye-ɓoye. IGC ba ta mayar da mutum mai izinin gwada tukunyar tururi ko injin ɗaga kaya ba. Dokar Masana'antu ta Najeriya ta ware wannan aikin ga waɗanda hukuma ta amince da su. Haka nan akwai ƙungiyar ISPON, wadda dokar 2014 ta ba ikon yi wa masu wannan sana'a rajista a ƙasar, kuma shaidar waje ba ta ɗauke wa mutum wannan rajistar. Ma'aikacin da ya yi alƙawarin cewa satifiket ɗinsa zai kore duk ƙwararrun waje, ranar da akanta ya gano ba haka ba ne, sauran maganarsa ma ta zube.

Nemo matsalar a cikin littattafan kamfani

Ba a tsayawa a ce kwas ɗin zai inganta aiki. Wannan magana ce da ta dace da kowane kwas a duniya, don haka ba ta gamsar da kowa. Abin da ake so shi ne matsalar da manaja ya sani, wadda ta taɓa hana shi barci, kuma akwai alƙalumanta a rubuce.

Matashinmu ya je wurin akanta ya nemi izinin ganin abin da aka biya bara a fanninsa. Ya tarar kamfani na ɗauko wani ƙwararre daga waje sau huɗu a shekara, ya zaga masana'anta, ya yi wa ma'aikata bita, ya rubuta rahoto, kowane zuwa naira 300,000. Jimla naira 1,200,000 ke nan. Ya buɗe rajistar haɗari ya ga an samu rauni sau bakwai, biyar daga ciki a kan injin yanka guda ɗaya, kuma kuɗin asibiti ya kai naira 420,000, ban da kwanakin da masu raunin suka yi a gida. Ya kuma tuna cewa wani babban kamfanin da ke son sayen buhu a wurinsu ya aiko da takardar tantance masu kawo kaya, kuma a ciki an tambayi sunan jami'in kariya da shaidar da yake da ita, sai aka bar gurbin babu komai.

Abubuwa uku ke nan, amma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, kuma gwanintar mai rubutu ita ce ya bambance su. Kuɗin ƙwararren waje tabbatacce ne: akwai rasit, kuma idan aka rage zuwansa, kuɗin sun tsaya a asusu. Kuɗin rauni mai yiwuwa ne kawai, domin babu wanda zai iya rantsuwa cewa baɗi ba za a ji ciwo ba. Cinikin sabon mai saye kuwa fata ce, tunda farashi da ingancin buhu su ma suna da ta cewa. Dabarar ita ce a gina lissafi a kan tabbataccen kaɗai, a ambaci sauran biyun a matsayin ƙari ba tare da an sa musu adadin riba ba. Manajan da ya ga ka bar wata riba a waje da gangan ya fi yarda da wadda ka lissafa.

Faɗi kuɗin duka, har da wanda ba a gani

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a rubuta kuɗin makaranta kaɗai. Bayan an amince, sai a dawo ana neman na mota, a sake dawowa ana neman na masauki, har manaja ya fara jin an yi masa wayo. A fito da komai a lokaci guda.

A misalinmu, kuɗin karatu da rajistar jarrabawa naira 900,000 ne. Ajin a Abuja yake, don haka mota da masauki naira 150,000. Tsabar kuɗin da za su fita daga asusu ke nan naira 1,050,000. Akwai kuma kuɗin da ba ya fita da rasit amma kamfani na ɗaukarsa: kwana 10 na aiki da ma'aikacin ba ya nan kuma albashinsa na tafiya. Idan albashinsa naira 250,000 ne a wata mai kwanakin aiki 22, kwana goman sun kai kimanin naira 115,000. Jimlar nauyin da ke kan kamfani ta zama naira 1,165,000. Akanta zai yi wannan lissafin ko ka yi ko ba ka yi ba, gara ya tarar ka riga shi.

Abubuwa biyu kuma suna buƙatar a yi musu layi na musamman. Na farko shi ne canjin kuɗi. Wani ɓangare na kuɗin irin waɗannan shaidun da fam ko dala ake biyansa, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 farashin da cibiya ta faɗa yau ba lalle ya kai wata mai zuwa ba. A karɓo takardar farashi mai tambarin cibiyar, wadda ta nuna ranar da farashin zai daina aiki, a maƙala ta a bayan takardar buƙata. Na biyu shi ne sabuntawa. IGC ba ta da wa'adin ƙarewa, amma ba duka ne haka ba. Shaidar PMP ta masu tafiyar da ayyuka shekara uku take yi, kuma sai an tara maki 60 na ƙarin horo kafin a sabunta ta. CCNA ta masu haɗa sadarwar kwamfuta ita ma shekara uku ce. Ƙungiyoyi irin su ICAN ta akantoci kuwa suna da kuɗin shekara-shekara. Idan shaidarka na da irin wannan wutsiyar, ka faɗa tun farko, ka kuma faɗi wanda zai ɗauki nauyinta.

Yanzu sai lissafin dawowar kuɗi. Idan matashin ya karɓi zagayen wata uku-uku da bitar ma'aikata, ƙwararren waje zai riƙa zuwa sau ɗaya a shekara don ya duba aikin da idon baƙo. An rage zuwa uku ke nan, naira 900,000 a shekara, wato naira 75,000 a wata. Raba 1,165,000 da 75,000, za ka samu wata 15 da rabi, a ce wata 16. Wannan adadin shi ne zuciyar takardar: kamfani zai mayar da kuɗinsa cikin wata 16 daga ranar da aka rage zuwan ƙwararren, abin da ya biyo baya kuma rara ce.

Kuɗin da kamfani ya riga ya biya

Akwai wata hujja da ma'aikata ƙalilan ne suka san da ita. Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wato ITF, an kafa shi a 1971, hedikwatarsa na Jos. Doka ta wajabta wa kamfanonin da suka kai wani mizani su riƙa biyan asusun kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da suke biya a shekara. Dokar kuma ta ba da dama a mayar wa kamfani har zuwa rabin abin da ya biya, idan ya horar da ma'aikatansa bisa ƙa'idojin asusun.

A ce masana'antarmu na biyan albashin naira miliyan 180 a shekara. Kashi ɗaya cikin ɗari naira miliyan 1.8 ne, rabinsa naira 900,000. Wannan shi ne ƙololuwar abin da za ta iya nema a shekarar, kuma na duk horon da ta yi wa ma'aikatanta ne, ba na mutum ɗaya ba. Ba kuma haka kawai ake mayarwa ba. Sai kamfani ya biya nasa kason cikakke, sai an sanar da ofishin asusun an samu amincewarsa kafin a fara horon, sai kuma an ajiye rasit da shaidar kammalawa. Kwas ɗin da aka gama sannan aka tuna da ITF, da wuya a ga kuɗinsa.

Saboda haka a cikin takarda kada a rubuta cewa ITF zai biya. A rubuta cewa ana roƙon sashen kula da ma'aikata ya saka wannan kwas a tsarin horon shekara da yake miƙa wa asusun, domin ya shiga cikin abin da za a nemi a mayar. Kamar kuɗin rauni, shi ma a bar shi a wajen babban lissafi.

Idan ka samu shaidar ka tafi fa?

Wannan ita ce tambayar da manaja ba zai yi a fili ba, amma ita ce ke kashe takardu da yawa. Ya san shaidar da sunanka za ta fito, ba da sunan kamfani ba, kuma ya san ranar da ka samu, darajarka a kasuwar aiki ta ƙaru. Ba ya son ya zama kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Kada ka jira ya tayar da maganar. Kai ka kawo ta da maganinta.

Maganin shi ne yarjejeniyar ci gaba da aiki na wani lokaci, wadda bashinta ke raguwa wata-wata. Matashinmu ya ba da wata 24, kuma ba da ka ya zaɓi adadin ba: ya zarce wata 16 ɗin da kamfani ke buƙata don ya mayar da kuɗinsa. Tsabar kuɗin da aka kashe naira 1,050,000 ne. A raba su gida 24, kowane wata naira 43,750. Idan ya ajiye aiki da kansa bayan wata 9, saura wata 15, zai mayar da naira 656,250. Idan ya cika wata 24, babu bashin kowa a kansa.

A nan ne kuma ma'aikaci zai kare kansa, domin wasu yarjejeniyoyin tarko ne. A tabbata an rubuta ranar da lissafi zai fara, misali ranar fitowar sakamako. A tabbata abin da za a mayar shi ne abin da aka kashe da rasit, ba ninkinsa ba, ba kuma a haɗa da albashi ba. A tabbata bashin na raguwa, kada ya zama wanda ya tafi a wata na 23 zai biya daidai da wanda ya tafi a wata na farko. Mafi muhimmanci, a rubuta cewa idan kamfani ne ya rage ma'aikata ko ya rufe, bashin ya faɗi. Kada kuma a yarda a ajiye asalin satifiket a ofis a matsayin jingina; kwafi ya isa. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke sauraron rigingimu irin waɗannan a Najeriya, kuma abin da take dubawa shi ne ko tsawon lokacin da adadin kuɗin sun yi daidai da abin da aka kashe. Wanda aka ce ya zauna shekara biyar saboda kwas na mako biyu, ya nemi shawarar lauya kafin ya sa hannu.

Sai batun faɗuwa jarrabawa. Ana faɗuwa, har masu ƙoƙari. Tayin da ya fi sauƙin karɓuwa shi ne kamfani ya biya zama na farko, idan aka faɗi ma'aikaci ya biya kuɗin sakewa daga aljihunsa. Manaja na ganin haka ya san mai nema ma yana da abin da zai rasa.

Yadda takardar za ta kasance

Shafi ɗaya ya isa, sauran bayanai su zama maƙale a baya. A kamfanoni da yawa da Turanci ake rubuta ta, a Nijar da Faransanci, amma gininta ɗaya ne: buƙata a layin farko, sai matsala, sai kuɗi, sai riba, sai kariyar kamfani, sai ranar da ake son amsa. Ga yadda ta matashinmu za ta fito:

“Ranka ya daɗe, ina neman amincewar kamfani ya biya naira 1,050,000 domin in yi kwas da jarrabawar NEBOSH IGC a zangon watan Maris. A bara mun biya ƙwararren waje naira 1,200,000 a zuwa huɗu. Idan na samu wannan shaida zan karɓi uku daga cikin huɗun, kamfani ya riƙa tsimin naira 900,000 a shekara. Idan aka haɗa da albashina na kwana 10 da ba zan kasance a bakin aiki ba, kuɗin za su dawo cikin wata 16.

“Jarrabawar aikace a masana'antarmu zan yi ta, da izininka, kuma zan fara da injin yankan da ya jawo rauni biyar cikin bakwai na bara. Zan miƙa maka rahoton. A kwanakin da ba na nan, shugaban masu aikin safe ya yarda ya riƙe rajistar haɗari da rabon kayan kariya.

“Na amince in ci gaba da aiki wata 24 bayan fitowar sakamako. Idan na tafi da kaina kafin nan, zan mayar da naira 43,750 a kan kowane watan da ya rage. Idan na faɗi jarrabawa, kuɗin sakewa a kaina. Ina roƙon a biya cibiyar kai tsaye ta asusunta, kuma a saka kwas ɗin a tsarin horon da ake miƙa wa ITF. Farashin da ke maƙale zai daina aiki ranar 31 ga Janairu, don haka ina fatan samun amsa kafin 20 ga wata.”

A lura da abin da babu a ciki. Babu tarihin shekarun da ya yi yana yi wa kamfani hidima, babu ƙorafin albashi, babu barazanar cewa wani kamfani na zawarcinsa, babu kuma neman ƙarin girma. Maganar ƙarin albashi tana da ranarta, bayan an ga aikin shaidar. Idan aka cusa ta a nan, akanta zai ɗora ta a kan kuɗin kwas, wata 16 ɗin nan ya koma wata 30. A lura kuma da roƙon a biya cibiyar kai tsaye. Wannan layi ɗaya yana kawar da zargin cewa wani abu zai maƙale a aljihun mai nema.

Lokaci da hanyar da takarda za ta bi

Takarda mai kyau na iya mutuwa saboda ta zo a makare. Kamfanonin da shekarar kuɗinsu ke farawa a Janairu sukan tsara kasafi a watannin ƙarshen shekara, don haka wanda ya kai buƙatarsa a Oktoba yana neman a ware masa gurbi ne, wanda ya kai a Yuni kuwa yana neman a ƙwace na wani. A kuma duba lokacin da aiki ke yin zafi. Masana'antar buhu ba za ta saki jami'inta da kaka ba, lokacin da odar manoma da 'yan kasuwar hatsi ke kan ganiyarta, shi ya sa matashinmu ya zaɓi Maris.

Kada takarda ta tsallake shugabanka na kusa. Shi za a fara tambaya, kuma idan a teburin darakta ya fara ganinta, ko yana sonta zai yi sanyi. A same shi tukuna baki da baki, a nuna masa lissafin, a nemi gyaransa. Wanda ya sa hannu a gyaran takarda shi ke kare ta a ɗakin taro. A kamfanin iyali, inda Alhaji da kansa ke yanke hukunci, maganar baki ce kan gaba, takarda ta biyo baya don akanta ya samu abin ajiyewa. Ko a can ɗin, yarjejeniyar sai an rubuta ta, kowa ya riƙe kwafinsa.

Idan aka ce a'a

A saurari dalilin, domin kowane dalili da amsarsa. Idan aka ce babu kuɗi bana, a nemi a saka a kasafin baɗi a rubuce, ko a yi tayin ma'aikaci ya biya yanzu kamfani ya mayar masa ranar da ya kawo sakamakon cin jarrabawa. Idan aka ce kuɗin sun yi yawa, a kawo tsarin rabi da rabi, tare da rage watannin yarjejeniya daidai da haka. Idan aka ce ba za a iya sakinka mako biyu ba, akwai cibiyoyin da ke koyarwa ta intanet ko a ƙarshen mako, kuma hakan na soke kuɗin masauki. Idan aka ce in an yi maka kowa zai zo, a ba da shawarar a mayar da sharuɗɗan takardarka ƙa'ida ga kowa: duk mai nema ya kawo lissafin dawowar kuɗi da yarjejeniya. Idan kuwa aka ƙi ba tare da dalili ba har sau biyu, to a nemi ko da hutun karatu da izinin yin jarrabawar aikace a masana'anta, a biya sauran da kai, sannan a san cewa babu wata yarjejeniya da ta ɗaure ka.

Idan aka amince, aikin takardar bai ƙare ba. A miƙa rasit da kwafin sakamako ga sashen kula da ma'aikata ba tare da an nema ba, domin da su za a bi kuɗin ITF. Bayan wata shida a rubuta wa manaja rabin shafi: zagaye nawa aka yi ba tare da ƙwararren waje ba, nawa aka yi tsimi, me aka gyara a injin yanka, rauni nawa aka samu idan aka kwatanta da bara, ko da adadin bai yi daɗi ba. Da wannan rabin shafin za a auna buƙatarka ta gaba, ko ta babbar difloma ce ko ta ƙarin albashi, kuma da shi za a auna ta abokin aikinka da zai kawo tasa bayanka.